Gaɓa da Bugu: Me Ya Kamata Mawaƙin Hausa Ya Daidaita da Kiɗa?

Littattafan koyar da tsara waƙa da aka rubuta don masu Turanci sun yi ittifaƙi a kan ƙa'ida guda: kowace kalma tana da gaɓar da ake dannawa da ƙarfi idan ana magana, kuma wajibi ne wannan gaɓa ta faɗa a kan bugun kiɗa mai ƙarfi, in ba haka ba kalmar ta fito a karkace. Ƙa'idar daidai take a harshen da aka gina ta dominsa, don kuwa a Turanci sauya wurin dannin yakan mayar da suna aikatau. Matsalar tana tasowa ne idan aka ɗauko ta ɗungurungum aka ɗora wa Hausa. Wannan maƙala tana da'awar cewa abin da kunnen Bahaushe yake bi tsakanin magana da kiɗa shi ne nauyin gaɓa, wato tsawon lokacin da gaɓa take ci a baki, kuma mawaƙin da ya kiyaye wannan ya gama da mafi yawan aikin, ko da bai taɓa jin labarin danni ba.

Gaɓar Hausa iri uku ce: baƙi da gajeren wasali, baƙi da dogon wasali ko tagwan wasali, sai baƙi da wasali da wani baƙin da ya rufe ta. Ta farko ita ce sassauƙa, sauran biyun masu nauyi ne, kuma a ma'aunin waƙa mai nauyi ɗaya tana tsayawa a madadin sassauƙa biyu. Wannan bambanci yana raba ma'ana. Idan aka ninka wasali don nuna tsawo, garii shi ne wurin da mutane ke zaune, gaarii kuwa abin da ake tuƙa tuwo da shi. Tafi umarni ne, taafii kuwa na hannu ne. Yaa zoo labari ne na abin da ya riga ya faru, ya zoo da gajeren wasali kuwa fata ne ko umarni. Rubutun boko na yau da kullum ba ya nuna ko ɗaya daga cikin waɗannan, alhali ajami yana da alifi da wawu da ya na nuna tsawo, ƙamusun Bargery na 1934 ma ya nuna shi. Saboda haka wanda ya tsara baitinsa a takarda ko a waya yana iya ƙirga gaɓoɓi takwas a ɗango biyu ya ɗauka sun yi daidai, alhali ɗaya ya fi ɗaya tsawo a baki.

Don a ga yadda abin yake aiki, ga ɗango guda da aka ƙirƙira domin wannan bayani: "Hadari ya zo, gona ta sha." Idan aka furta shi yadda ake magana, zai rabu gida huɗu: ha-da-rii, yaa-zoo, goo-naa, taa-shaa. A ɗauka kiɗan yana da gurbi goma sha shida masu tsawo ɗaya, sassauƙar gaɓa ta ci gurbi ɗaya, mai nauyi ta ci biyu. Kowane gida zai cika gurbi huɗu cif, bugu mai ƙarfi kuma ya sauka a gurbi na 3 da na 7 da na 11 da na 15, wato a farkon rii da zoo da naa da shaa. Wannan shi ne karin da masu arulli ke kira mutadarik, inda gajeru biyu ko doguwa ɗaya ke share wa doguwar da ke ɗauke da bugu fage. Ba a ja wata gaɓa fiye da haƙƙinta ba, ba a kuma matse wata ba, shi ya sa ɗangon zai zauna a kan kiɗa kamar an haife su tare.

Yanzu a cire gona a sa gari: "Hadari ya zo, gari ya sha." Adadin gaɓoɓi bai sauya ba, amma ga-rii gurbi uku take ci, wurin da aka tanadar mata kuwa huɗu ne. Mawaƙin da ke bin ƙirgar gaɓa zai ja ta farko don ya cike giɓin, sai ya rera gaarii, ya jiƙa garin tuwo a maimakon ya shayar da gari. Gwani yana da mafita biyu. Ko dai ya musanya kalmar da birni ko ƙauye, waɗanda duka gaɓoɓinsu masu nauyi ne, ko kuma ya riƙe zoo har gurbi uku, ya shigo da ga a gurbi na 10, rii ta faɗa a kan bugunta. Dalilin da ya sa mafita ta biyu ba ta ɓata komai shi ne Hausa mataki biyu kawai take da shi na tsawon wasali. Doguwar gaɓa in an ƙara mata tsawo tana nan doguwa, ma'anarta ba ta motsa ba, amma gajeriya da zarar an ja ta ta tsallaka zuwa wancan ɓangaren. A ja doguwa iya son rai, gajeriya kuwa a bar ta yadda Allah ya yi ta.

Kuskure na biyu ya fi wannan ɓoyuwa. A sa "ya sauka" a madadin "ya zo". Yaa-sau-ka gurbi biyar ce, don haka mawaƙi zai so ya matse yaa ta koma ya domin lissafi ya dawo huɗu. Lissafin zai dawo, amma an yi asara biyu. Ta farko, labarin saukar hadari ya fara kama da roƙon ya sauka. Ta biyu, ya ta ci gurbi na 5, sau ta ci na 6 da na 7, ke nan bugun ya faɗo a tsakiyar gaɓa maimakon farkonta, mai sauraro kuma zai ji kamar mawaƙin ya yi tuntuɓe ko da bai san dalili ba. Wannan ya nuna cika ma'auni kaɗai bai wadatar ba, sai farkon gaɓa mai nauyi ya haɗu da bugun.

Za a iya ƙalubalantar wannan da cewa ai Hausa ma tana da danni, sunansa ne kawai ya bambanta, wato karin sama. Hujjar tana da ƙarfi, domin kalmomin da aka aro daga Turanci irin su mota da tebur da fensir duk sun mayar da gaɓar da Bature ke dannawa mai karin sama, ta bayanta kuma ta sauka ƙasa. Sai dai wannan ya nuna yadda kunnen Bahaushe ya fassara dannin baƙon harshe ne kawai. Danni gaɓa ɗaya yake fifitawa a kalma, karin sauti kuwa kowace gaɓa da nata: gona duka gaɓoɓinta biyu a sama suke, to wace ce aka danna? A ɗangon da aka gwada, rii ta hadari karin ƙasa gare ta, ga ta kuma a kan bugu na farko, kunne bai ƙi ba. Da karin sama ne ke neman bugu, da nan ne ɗangon zai fara karyewa.

Ba a ce karin sauti ba shi da aiki a waƙa ba. Aikinsa yana wajen hawa da saukar murya, kuma can ɗin ma igiyarsa sako-sako ce. Binciken da Paul Richards ya buga a 1972 a kan wata waƙar Hausa ya nuna muryar rerawa takan bi karin kalmomi fiye da yadda dace kawai zai kawo, amma ba a kowane wuri ba. Rubutattun waƙoƙi masu tsawo sun ƙara fito da wannan fili. Imfiraji ta Aliyu Namangi tana da ɗaruruwan baitoci da ake rerawa da murya kusan guda, alhali jerin karin sautin kalmomi yana sauyawa daga baiti zuwa baiti. Abin da baitocin suka yi tarayya a kai shi ne jerin dogaye da gajerun gaɓoɓi. Inda mawaƙi zai yi hattara da kari shi ne kalmomin da shi kaɗai ya raba su, kamar wuya ta jiki da wuya ta wahala, musamman in jimlar ba ta fayyace wadda ake nufi ba.

Wani ƙalubalen shi ne cewa auna gaɓa da nauyi al'adar malamai ce da aka kwaso daga arullin Larabci, don haka ba ta hau kan makaɗi ba. Gaskiya ne nazarin Joseph Greenberg na 1949 da na M. K. M. Galadanci na 1975 sun nuna yadda karuruwan Larabci suka zauna a rubutacciyar waƙar Hausa. Amma abin tambaya shi ne me ya sa suka zauna daram haka, amsar kuwa ita ce harsunan biyu sun riga sun yi tarayya wajen raba gaɓa zuwa sassauƙa da mai nauyi. Russell Schuh ya nuna waƙoƙin makaɗan baka ma a kan nauyin gaɓa suke tafiya, har da karuruwan da ba su cikin jerin Halilu na arullin Larabci. Nazarin da ya yi tare da Bruce Hayes a kan rajaz, wanda ya fito a 2019, ya ƙara da cewa masu rerawa sukan ɗora kari ɗaya a kan tafiyar kiɗa daban-daban, amma nauyin gaɓa ne ke jagorantar yadda suke rabon lokaci. Arulli suna ya raɗa wa abin da harshe ya riga ya mallaka.

Saura masu cewa mai sauraro yana gane nufi daga jimla, don haka duk wannan tsanani ne. Lalle ba wanda zai zaci hadari ya shayar da garin tuwo. Amma ganewa bayan gyara a zuci daban take da jin daɗi kai tsaye, kuma ƙa'idar kanta tana da wuraren sassauci sanannu: gaɓar ƙarshen ɗango ana ɗaukarta mai nauyi ko da gajeriya ce, farkon ɗango kuma yana karɓar ɗan shiru a madadin gaɓar da ta rasa. Haɗarin yana tsakiyar ɗango, kuma ya fi yawa idan muryar ta riga kalmomi zuwa, kamar yadda ake yi in an ari muryar waƙar fim ɗin Indiya ko an sami kiɗan da aka riga aka haɗa a situdiyo, domin an yanka guraben ne da awon wani harshe. Gwajin ba shi da wuya: a faɗi ɗangon da muryar hira, a mayar da kowace gaɓa la ko laa gwargwadon nauyinta, sannan a rera wannan jerin a kan kiɗan ana tafi. Duk inda la ta nemi zama laa, ko tafi ya faɗo a tsakiyar gaɓa, kalmar wurin ce za a sauya ko a gusar, tun kafin a shiga ɗaukar murya.