Ƙarfe Biyu da Rabin da Babu Shi: Tarihin Sauyin Agogo da Yadda Kwamfuta Ta Koyi Zama da Shi

A daren Lahadi 10 ga Maris 2024, agogon birnin New York ya buga 1:59 da daƙiƙa 59, daƙiƙar da ta biyo baya kuma ta zama 3:00. Ba a yi ƙarfe biyu da rabi na dare a garin ba ranar nan. A ranar 3 ga Nuwamba na shekarar sai aka yi akasin haka: agogo ya kai 1:59 da daƙiƙa 59, ya koma 1:00, aka yi ƙarfe ɗaya da rabi sau biyu a dare guda. Ranar farko awa 23 ce, ta biyun awa 25. Najeriya da Nijar ba sa taɓa agogonsu, amma masu kallon ƙwallon Ingila sun san alamar abin: wasan ƙarfe uku na Landan yakan zo wa Kano da ƙarfe uku a watan Agusta, ya koma ƙarfe huɗu a watan Disamba.

Tunanin ya girmi kwamfuta nesa ba kusa ba. A 1895 George Hudson, wani mai nazarin ƙwari a ƙasar New Zealand, ya ba da shawarar a tura agogo gaba da awa biyu a lokacin zafi, don mutane su sami sauran hasken rana bayan tashi daga aiki. A 1907 wani magini ɗan Birtaniya, William Willett, ya fito da tasa dabarar: a riƙa ƙara minti 20 kowace Lahadi har sau huɗu a watan Afrilu, a cire su haka nan a watan Satumba. Ya yi ta fafutuka a majalisa har ya rasu a 1915 ba a amince ba.

Yaƙi ne ya sa aka karɓa. A Yaƙin Duniya na Ɗaya Jamus na neman tsimin kwal, sai ta tura agogonta gaba da awa ɗaya a daren 30 ga Afrilu 1916, daga ƙarfe goma sha ɗaya zuwa sha biyu. Birtaniya ta bi sahu a ranar 21 ga Mayu, Amurka kuma a 1918. Bayan Yaƙi na Biyu aka bar kowace jiha da kowane gari a Amurka ya yi yadda ya ga dama, kamfanonin jiragen ƙasa da na safa suka rasa jadawalin da za su buga, har sai da dokar 1966 ta tsayar da ranaku iri ɗaya. A yau Amurka na sauyawa a Lahadi ta biyu ta Maris da Lahadin farko ta Nuwamba, da ƙarfe 2:00 na agogon kowane yanki. Tarayyar Turai kuwa a Lahadin ƙarshe ta Maris da ta Oktoba take yi, duk ƙasashen lokaci guda, da ƙarfe 1:00 agogon UTC.

An zaɓi tsakar daren Lahadi ne da gangan. Kasuwa a rufe take, ma'aikatu ba kowa, jiragen ƙasa kaɗan ne a hanya. Waɗanda ke hanyar ma akwai tsohuwar dabara: a daren da awa ke maimaituwa jirgin dare yakan tsaya a tasha ya jira jadawali ya iso shi, a daren da awa ke ɓacewa kuma ya yi latti ya yi ƙoƙarin cike giɓin. Dokar Jamus har suna ta raɗa wa awannin biyu da ke maimaituwa, ta farko 2A, ta biyu 2B, don takardar haihuwa ko rahoton ɗan sanda su nuna wacce ake nufi. Muddin mutane ne ke karanta agogo, wannan ya wadatar.

Da kwamfutoci suka zo sai lissafi ya sauya, domin sa'ar da mutane ke barci ita ce aka ware musu don manyan ayyuka: adana kwafin bayanai, rufe lissafin rana, shirya biyan kuɗi. A tsarin Unix na shekarun 1970 akwai wata manhaja mai suna `cron`, wadda aikinta shi ne duba agogo ta tayar da duk aikin da lokacinsa ya yi. Mai kula da kwamfuta yakan rubuta mata layi kamar wannan:

```
30 2 * * * /usr/local/bin/backup.sh
```

Ma'anarsa, kullum da ƙarfe 2:30 na dare a adana kwafin bayanai. Manhajar da kawai take kwatanta agogo da abin da aka rubuta za ta ga 1:59, sannan ta ga 3:00, ba za ta taɓa ganin 2:30 ba. Aikin ba zai gudana ba, kuma babu saƙon kuskure da zai fito, tunda a ganinta ba abin da ya lalace. Alamar kawai ita ce rana guda babu kwafi a cikin jerin. A watan Nuwamba kuma aikin da aka sa wa 1:30 zai gudana sau biyu. Idan kwafi ne, asarar ba ta wuce wurin ajiya ba. Idan cire kuɗi ne daga asusun mutane, an cire sau biyu ke nan.

Mataki na farko na magani shi ne raba abu biyu da mutane ke haɗawa: ainihin lokacin da abu ya faru, da lambar da agogon bango ya nuna. Unix na ƙirga daƙiƙoƙi ne tun daga farkon 1 ga Janairu 1970 agogon UTC, kuma sauyin agogon bazara ba ya taɓa wannan ƙirgen. A daren Maris ɗin nan na New York, 1:59:59 ya yi daidai da 6:59:59 UTC, 3:00:00 kuma 7:00:00 UTC. Babu daƙiƙar da ta ɓace. Abin da ya sauya shi ne tazarar garin daga UTC, daga awa biyar zuwa huɗu.

Mataki na biyu shi ne sanin wace tazara ke aiki a wane gari a wace rana, kuma wannan ba ilimin taurari ba ne, hukuncin gwamnatoci ne. A 1986 Arthur David Olson ya fara tattara waɗannan dokoki cikin wani kundi da ake kira `tz`, daga baya Paul Eggert ya zama babban mai kula da shi, a 2011 kuma hukumar IANA ta karɓi ajiyarsa. Kundin yakan sa wa kowane yanki sunan birni mafi girma a cikinsa, kamar `America/New_York` ko `Africa/Lagos`, ya jera sauye-sauyen da aka yi a wurin. Yawancin wayoyi da kwamfutocin duniya da shi suke fassara lokaci.

Sai dai kundin zai iya gaya maka cewa 2:30 babu shi, ba zai gaya maka abin da za ka yi da aikin da aka sa wa 2:30 ba. Wannan hukunci ne da kowace manhaja ta yanke da kanta. Nau'o'in `cron` da suka samo asali daga wanda Paul Vixie ya rubuta a 1987, waɗanda ke cikin yawancin tsarin Linux a yau, suna lura da duk tsallen agogo da bai kai awa uku ba. Idan gaba aka yi, aikin da aka tsallake yana gudana nan take bayan sauyin. Idan baya aka koma, ba a maimaita aikin da ya riga ya gudana. Wannan rangwame na ayyukan da aka sa wa takamaiman lokaci ne kawai. Wanda aka ce ya gudana kowace awa yana bin sabon agogo yadda ya zo. Ƙa'idar kalandar intanet ta RFC 5545, ta 2009, da ɗakin karatun `java.time` na 2014 sun dace a kan sakamako ɗaya: 2:30 da babu shi ya zama 3:30, sa'ar da ta zo sau biyu kuma a ɗauki ta farko.

Harshen Python ya daɗe ba shi da tsayayyar hanyar bambance ƙarfe ɗaya da rabi na farko da na biyu, sai a 2016 aka ƙara wa kowane lokaci wata alama mai suna `fold`, wadda aikinta ɗaya ne da na 2A da 2B na Jamus:

```python
from datetime import datetime, timezone
from zoneinfo import ZoneInfo
ny = ZoneInfo("America/New_York")
a = datetime(2024, 11, 3, 1, 30, tzinfo=ny)
b = a.replace(fold=1)
print(a.astimezone(timezone.utc))  # 2024-11-03 05:30:00+00:00
print(b.astimezone(timezone.utc))  # 2024-11-03 06:30:00+00:00
```

Lamba ɗaya a bango, awa guda a tsakaninsu. Gano lokacin da babu shi ma abu ne mai sauƙi: ka mayar da shi UTC, ka dawo da shi agogon gari. Idan ka shigar da 2:30 na 10 ga Maris ya dawo maka 3:30, to ka faɗa cikin giɓin.

Daga nan ne masu wannan sana'a suka samo shawarar da suke maimaita wa juna: a ajiye komai da UTC. Shawarar daidai ce ga abin da ya riga ya faru, da kuma aikin dare da bai damu da agogon bango ba. Amma ga alƙawarin nan gaba tana iya cutarwa, kuma shekarar 2007 ta nuna haka. Dokar makamashi da Amurka ta yi a 2005 ta dawo da fara agogon bazara daga Lahadin farko ta Afrilu zuwa Lahadi ta biyu ta Maris, daga 2007. A ɗauka an sa taro da ƙarfe 9:00 na safiyar 20 ga Maris 2007 a New York, a kwamfutar da ba ta san sabuwar doka ba. Za ta ƙara awa biyar ta ajiye 14:00 UTC. Da aka sabunta mata kundi, tazarar wannan rana ta koma awa huɗu, sai taron ya bayyana da ƙarfe 10:00. Kamfanoni sun sha aikin gyaran kalandun ma'aikatansu a wannan shekara. Abin da mutum ya nufa shi ne ƙarfe tara na New York, don haka abin ajiyewa shi ne 9:00 tare da `America/New_York`, a bar lissafin UTC sai ranar ta matso.

Akwai kuma zato biyu da ke ka da masu rubuta manhaja. Na farko, cewa sauyin kullum awa guda ne, alhali tsibirin Lord Howe na Ostireliya minti 30 yake matsawa. Na biyu, cewa kowace rana tana farawa da 0:00. Masar, wadda ta dawo da agogon bazara a 2023, da sha biyun dare take sauyawa, don haka Juma'ar ƙarshe ta Afrilu a can da ƙarfe 1:00 take farawa. Manhajar da ke lissafin farkon rana da 0:00 za ta nemi lokacin da babu shi.

Iyakar duk waɗannan dabaru ita ce saurin da labari ke isa ga na'ura. A ranar 23 ga Maris 2023, saura kwana biyu a sauya agogo, gwamnatin Labanan ta sanar da ɗage sauyin zuwa ƙarshen azumi. Masu kula da `tz` suka yi hanzarin fitar da `2023b`. Coci-coci da wasu gidajen talabijin da makarantu suka ƙi bin umarnin, ƙasar ta kwashe kwanaki da agogo biyu, wayoyi ma suka rabu tsakanin waɗanda suka sami gyara da waɗanda ba su samu ba. A ranar 27 ga wata majalisar ministoci ta janye, aka sake fitar da `2023c`. Irin wannan ne ya sa masu kula da kundin ke roƙon gwamnatoci su riƙa sanar da sauyi aƙalla shekara guda kafin ya fara aiki, domin kafin gyara ya bi ta hannun masu ƙera wayoyi da kamfanonin sadarwa ya kai ga na'urar kowa, ana iya ɗaukar watanni.