Me Ya Sa Mai Babakere Ba Shi Da Layin Samar Da Kaya?

A kowace shekara, idan darasin tattalin arziki na aji ɗaya ya iso kan babakere a kasuwa, sai an sami ɗalibin da ya zana layin buƙata, ya zana layin tsadar ƙari, sannan ya rubuta wa na biyun suna "layin samar da kaya". Ba ganganci ba ne ya jawo masa. Makonni kaɗan kafin nan an koya masa cewa a kasuwar gasa layin tsadar ƙari da layin samar da kaya abu ɗaya ne, to me zai hana ya ɗauko wannan ilimi ya kawo nan? Amsar da malamai suka fi bayarwa ita ce mai babakere shi ke yanka farashi, ba a yanka masa. Gaskiya ce, amma a ganina rabin bayani ce, kuma ɗalibi yakan haddace ta ba tare da ta shige shi ba. Cikakken dalilin yana cikin ma'anar layin samar da kaya kansa, kuma ba ya fitowa fili sai an yi lissafi.

Wata ɗaliba ta same ni a ofis da wannan magana bayan an mayar mata da takardar gwaji. Ta ce, "Malam, ai shi ma yana fitar da kaya ya sayar. Ta yaya za a ce ba shi da layin samarwa?" Na ce mata ta fara gaya mini tambayar da wannan layi yake amsawa. Ta yi jim, sannan ta ce: idan farashi ya kai kaza, nawa mai kaya zai fitar? Na ce madalla, amma ki lura da abin da ba ki tambaya ba. Ba ki tambayi su wa ke saye ba, ko nawa ne su, ko za su gudu idan an ƙara kuɗi. Manomin gero da ya kai buhu goma Dawanau ba ya buƙatar sanin ko ɗaya daga cikin waɗannan. Ya tarar da farashi, ya gwada shi da abin da ƙarin buhu ɗaya zai ci masa, ya yanke shawara. Shi ya sa ake iya zana layinsa daga tsadar nomansa kaɗai, ko da ba a san komai game da masu saye ba. Alfred Marshall, a littafinsa na 1890, ya kwatanta buƙata da samarwa da bakuna biyu na almakashi. Kwatancen yana aiki ne saboda kowane baki ƙarfe ne mai zaman kansa, ana iya motsa ɗaya a bar ɗayan.

Wanda ya fara warware lissafin babakere shi ne Bafaranshe Augustin Cournot a 1838, kuma misalinsa mutum ne da ya mallaki wani marmaro mai ruwan magani wanda babu irinsa. Na aro masa misalin, na mayar da shi rijiyar burtsatse guda ɗaya tak a wani ƙauye na ƙaddarawa, inda babu wani wurin ɗiban ruwa kusa. Mu ce tsadar fitar da ƙarin jarka ɗaya tana hawa yayin da ake ƙara ja, domin ruwa yana yin ƙasa, janareta yana ƙara shan mai. A rubuce, MC = 10 + 0.5Q, inda Q yake nufin yawan jarkoki a rana, kuɗin kuma naira ne. Da a ce wannan mutum ɗaya ne cikin masu rijiya ɗari, da magana ta ƙare: a farashin naira 50 zai fitar da jarka 80, a naira 70 kuma jarka 120, domin zai yi ta ja har tsadar jarkar ƙarshe ta yi daidai da farashi. Kowane farashi da adadinsa guda.

To amma shi kaɗai ne. Mu ce buƙatar mutanen ƙauyen ita ce P = 110 − Q. Yana sayar da jarka 40 a kan naira 70, cinikinsa naira 2,800. Na tambayi ɗalibar: idan ya sayar da jarka ta 41, nawa zai ƙaru da shi? Ta ce naira 70, ko 69. Na ce lissafa. Kafin ya sami mai sayen ta 41 sai ya sauke farashi zuwa 69, kuma ba ga wannan mutum kaɗai ba, ga kowa, domin a bakin famfo ɗaya ake layi, kowa yana jin abin da na gabansa ya biya. Jarka 41 sau 69 ya ba da 2,829. Ƙarin naira 29 ne kacal: ya karɓi 69 a hannun dama, ya yi asarar naira ɗaiɗai a kan jarka 40 a hannun hagu. Wannan 29 ita ce cinikin ƙari, tunanin da littafin Joan Robinson na 1933 ya yaɗa har ya zama abincin kowane ɗalibi. Tun da jarkar za ta ci masa kusan naira 30, ba zai ja ta ba. A ƙa'idance MR = 110 − 2Q, kuma ya haɗu da MC a jarka 40, inda kowannensu yake 30. Farashi 70, adadi 40.

A nan ne na ce ta bar rijiyar yadda take, janareta ɗaya, mai ɗaya, ta canza mutanen ƙauyen kawai. Mu ce damina ta faɗi, akwai ruwan sama a randa, mutane ba su matsu ba, buƙatarsu ta koma P = 70 − 0.5Q. Yanzu MR = 70 − Q, kuma ya haɗu da MC a jarka 40 cif, kamar ɗazu. Amma farashin da mutane za su biya wa jarka 40 yanzu naira 50 ne. Adadi ɗaya, farashi biyu. Sai muka ɗauki hali na uku: rani ya dawo, baƙi sun ƙaru a garin, P = 100 − 0.5Q. Nan MR = 100 − Q, ya haɗu da MC a jarka 60, farashi kuma naira 70. Ga shi farashi ɗaya, 70, ya zo da adadi biyu, 40 da 60.

Na miƙa mata alli na ce ta sa ɗigo ukun a allo: 40 da 70, 40 da 50, 60 da 70. Sannan na maimaita mata tambayarta: idan farashi ya kai naira 70, nawa mai rijiya zai fitar? Ta ce, "Sai na san wane irin masu saye ne." Wannan ita ce amsar baki ɗaya. Layin samarwa alkawari ne cewa farashi kaɗai ya isa a san adadi. Mai babakere ba ya duban farashi, cinikin ƙari yake dubawa, shi kuma cinikin ƙari ana ciro shi ne daga layin buƙata gaba ɗaya, da tsayinsa da gangarensa. Baki ɗaya na almakashin an ƙera shi ne daga ɗayan.

Abin da ya raba naira 70 da naira 50 a kan jarka 40 ɗin nan shi ne saurin gudun masu saye idan an ƙara kuɗi. Abba Lerner ya taƙaita wannan a 1934: (P − MC)/P = 1/e, inda e yake auna wannan saurin gudu. A halin farko e ya kama 1.75, don haka ribar da ke kan tsada ta kai 40 cikin 70. Da damina e ya hau 2.5, ribar ta sauko 20 cikin 50. A kasuwar gasa, wanda ya ƙara ko kwabo kowa zai watse ya bar shi, e ba shi da iyaka, ratar ta rufe, farashi ya zama daidai da tsadar ƙari. Ke nan layin samarwa ba dokar kowace kasuwa ba ne. Abu ne da ke bayyana a wannan hali guda ɗaya.

Akwai suka mai ƙarfi da ɗalibi mai kaifin kai yakan kawo, kuma bai kamata a share ta ba. Zai ce: ai ɗigo na biyu da na uku suna kan layi ɗaya mai hawa, 40 da 50, sannan 60 da 70. Haka ne. Idan gangaren buƙata ya tsaya a 0.5, ana ɗaga ta ana sauke ta kawai, zaɓin mai rijiya zai bi P = 10 + Q. Wannan layi na gaske ne, har ana iya ganinsa a littafin cinikinsa. Sai dai idan gangaren ya zama 1, layin ya koma P = 10 + 1.5Q, alhali ba a taɓa janareta ba, ba a ƙara kuɗin mai ba. Layin da ke motsi duk lokacin da halin masu saye ya canza bai cancanci sunan ba, domin amfanin layin samarwa shi ne ya tsaya cik a motsa buƙata a kansa. Wanda ya tattara farashi da adadi na shekara guda daga kasuwar babakere, ya ja layi a tsakiyarsu, sawun yadda buƙata ta yi yawo a wannan shekara ya zana, kuma hasashen da ya ɗora a kai zai rushe da zarar damina ta sauya halin mutane.

Kuskure na biyu kishiyar na farko ne, kuma na fi ganinsa a takardun jarrabawa: ɗalibi ya ji an ce babu layin samarwa, sai ya rubuta cewa mai babakere yana sa farashin da ya ga dama, ya sayar da yadda ya ga dama. A'a. Idan ya zaɓi naira 70 a halin farko, mutane ne za su ce jarka 40. Ɗaya yake zaɓa, buƙata ta yanke ɗayan. Kuma da zarar an san tsadarsa da layin buƙata, zaɓinsa guda ne, ana iya lissafa shi.

Kafin ta tashi ta tambaya ko akwai yadda za a yi layin ya dawo. Akwai, kuma a nan ne amsar nan ta "shi ke yanka farashi" take samun gurbinta. Mu ce hukumar ƙauyen ta ƙayyade farashi a halin farko, ta ce kada a wuce naira 30. Yanzu ƙarin jarka ba ya sauke masa farashin sauran, kowace tana kawo 30 cif, sai ya ja har tsadar ƙari ta kai 30, wato jarka 40, ko da yake mutane suna neman 80. A naira 40 zai ja 60. Ya koma bin layin MC kamar manomin gero. Amma wannan yana tsayawa ne a wajen naira 43, inda layin tsada ya haɗu da na buƙata. Idan aka ƙayyade 50, tsadarsa za ta bar shi ya ja 80, sai dai masu saye 60 kawai suke so a wannan kuɗi, 60 ɗin zai sayar. Ta duba lissafin sau biyu, domin ya saɓa wa abin da aka koya mata a kasuwar gasa: an danne farashi daga 70 zuwa 50, ruwan da ake sayarwa kuma ya ƙaru daga jarka 40 zuwa 60.