Daga haruffan da aka sassaƙa wa na'ura zuwa hoton waya a Kwaya

A Kwaya, da sauran ƙauyukan Magarya da Dungas, takardar hukuma da Faransanci take zuwa: takardar haihuwa, katin rigakafi, jerin sunayen manoman da za a ba taki. Da, in ana son waɗannan bayanai su shiga kwamfuta, sai sakatare ya zauna ya buga su ɗaya bayan ɗaya. Yau yana ɗaga waya ya ɗauki hoto, manhaja ta mayar da hoton rubutu, abin da ake kira OCR. Gajiya ta ragu, amma kuskure bai tafi ba, kama ya sauya, kuma tarihin na'urar ne ke nuna inda yake ɓuya.

Tun 1929 Gustav Tauschek ya yi rajistar na'urar karanta haruffa a Jamus. Tana ɗora siffar harafi a kan wata siffa da aka huda. In sun dace, ta ce shi ne. David Shepard ya ƙera tasa, Gismo, a Amurka a 1951. Dukansu ba su jure bambanci, harafi ya ɗan karkace sai su ɓata. Da masu sana'ar suka ga haka, sai suka koma gyara harafin kansa. A 1968 aka fito da salon rubutu na OCR-B, wanda Adrian Frutiger ya zana, inda aka nisanta sifili da O, aka nisanta 1 da I.

Duk mai fasfo yana ɗauke da gadon wannan zamani. Layuka biyun nan na ƙasan shafin hoto, kowanne mai gurbi 44, da OCR-B ake buga su bisa ƙa'idar hukumar jiragen sama ta duniya, ICAO, wadda ta fara fita a 1980. Abin da ya fi burge ni shi ne waɗanda suka tsara ta ba su amince da na'urar ido rufe ba. Bayan ranar haihuwa sun ƙara lamba ɗaya ta tabbatarwa. A ce an haifi mutum ranar 12 ga Maris 1985, za a rubuta 850312. Ana ninka lambobin bi da bi da 7, 3, 1, 7, 3, 1, a sami 56, 15, 0, 21, 3 da 2. Jimla 97, sai a ɗauki lambar ƙarshe, 7, a buga ta a gaba. In na'ura ta ɗauki 3 a matsayin 8, ta karanta 850812, jimla ta koma 132, ƙarshenta 2. Biyu ba bakwai ba ce, nan take a san an yi ɓata.

Daga nan aka bi wata hanya. A 1976 Ray Kurzweil ya nuna na'urar da ke karanta wa makafi littafi, ko da wane salon harafi aka buga shi. Kamfanin HP ya gina manhajar Tesseract tsakanin 1985 da 1994, ya sake ta kyauta a 2005, Google ta ɗauki nauyinta a 2006. A 2018 siga ta 4 ta zo da sabuwar dabara: maimakon yanka layi harafi-harafi, tana bin layin gaba ɗaya, tana la'akari da abin da ya gabata da abin da ke tafe. Karatu ya gyaru ƙwarai. Sai dai tsohuwar na'ura in ta kasa, shirme take fitarwa wanda kowa zai gani. Sabuwar kuwa tana iya ba ka kalma mai kyan gani wadda ba ita ce a takarda ba. Takardun ƙauye kuma ba su da lambar tabbatarwa irin ta fasfo.

Mu ɗauki jerin ƴan ƙungiyar manoma da aka buga a takarda A4, da suna, da lambar waya, da kuɗin da kowa ya zuba. Matsala ta farko daga hoton take. Tesseract ta fi son ɗigo 300 a kowane inci, wato wajen 2480 a faɗi da 3508 a tsawo, kuma kyamarar wayoyin yau tana kai haka in takardar ta cika hoton. A wannan girma, ƙaramin harafi na rubutun ofis yana da tsayin ɗigo kusan 20. Amma da zarar an tura hoton ta WhatsApp yadda aka saba, sai a matse tsawonsa zuwa wajen 1600, harafin ya dawo ɗigo tara, alhali ƙasa da goma karatu ya fara lalacewa. A nan ne 3 ke zama 8, rn ke haɗewa ta zama m. Maganin shi ne a tura shi ta hanyar Document, ba ta hanyar hoto ba. A shimfiɗa takarda a shimfiɗaɗɗen wuri, a inuwar rumfa inda haske ya wadata, a riƙe waya daidai bisa kanta. Rana tsaka tana jefa inuwar hannu, manhaja kuma idan ta zo mayar da hoton baƙi da fari sai ta shafe duk gefen da inuwar ta faɗa. Karkata kuwa tana sa kuɗin wani ya hau layin maƙwabcinsa, kuma wannan ya fi kowane kuskure muni, don duk lambobin daidai suke, mai su ne ya sauya.

Mai kwamfuta zai iya karanta hoton haka:

```
tesseract jeri.jpg fita -l fra --psm 6 tsv
```

`fra` na nufin kundin Faransanci, `--psm 6` na sa ta ɗauki shafin a dunƙule, `tsv` kuma na fitar da tebur mai ginshiƙin `conf`, inda kowace kalma ke da maki har zuwa 100. Kalmar da makinta ya faɗi, ita za a fara dubawa, ko da yake maki mai yawa ba rantsuwa ba ne.

Sauran gyaran da ƙa'idar kowane gurbi ake yi. Lambar wayar Nijar lambobi takwas ce. In aka ga bakwai ko tara, ko harafin O, S, l a ciki, a koma ga hoton. Layin tebur na tsaye yakan fito a matsayin 1, daga nan lamba ta tara ke shigowa. Mutanen bakin iyaka da yawa suna da layin Najeriya mai lambobi 11 da ke farawa da sifili, Excel kuwa yana cinye sifilin farko in ba a mayar da ginshiƙin na rubutu ba tun kafin a zuba. A kuɗi, 12.500 sefa dubu goma sha biyu da ɗari biyar ne, amma kwamfutar da aka saita da Ingilishi sha biyu da rabi za ta gani. Gwaji mafi ƙarfi shi ne a tara ginshiƙin a kwatanta da jimlar da ke ƙasan takarda. In takarda ta ce 245.000, lissafi ya ba da 250.000, bambancin 5.000 ne, sai a fara neman inda 3 ta zama 8 ko 1 ta zama 6 a gurbin dubbai.

Suna ne ba shi da lissafin da zai cece shi. Kundin Faransanci bai san ƙ, ɗ, ɓ da ƴ ba, yana zubar da lanƙwasar ko ya ƙirƙiro wani harafi. Haka nan Aïchatou kan fito Aichatou, Issoufou ya fito lssoufou da ƙaramin l a farko. Kada kuma sakatare ya gyara Ousmane zuwa Usman don ya fi masa daɗi: harafi ɗaya ya saɓa wa takardar haihuwa, mutum zai sha zirga-zirga tsakanin Kwaya da Magarya.

Kirana ga masu tsara takardu a ofisoshin magajin gari da ƙungiyoyi shi ne su sa jimla a ƙasan kowane shafi, su ba kowane layi lambarsa, su bar sarari tsakanin rubutu da layin tebur. Sunaye kuwa mutum biyu su zauna kansu, ɗaya na karanta takarda da ƙarfi, ɗaya na bin allo, kafin a tura jerin Damagaram.