Auna Sanin Sunan Haja da Ra'ayin Masu Saye ta Hanyar Gajerun Tambayoyi

Tsakure

Wannan maƙala ta duba yadda ake auna sanin sunan haja da gajeriyar takardar tambayoyi, da yadda ya kamata a karanta alƙaluman da aka samu. Ta nuna cewa jerin tambayoyi, da mutanen da aka tambaya, da yawansu, su ne ke ƙayyade abin da sakamako zai iya tabbatarwa.

Matakan sani

David Aaker, a littafinsa na 1991, ya kasa sanin suna hawa huɗu: rashin sani sam, gane suna in an nuna shi, tuna shi ba tare da an ambata ba, sai kuma zamansa sunan da ya fara zuwa baki. Kowane hawa da tambayarsa, kuma jerinsu ba ya sauyuwa. Ana farawa da buɗaɗɗiyar tambaya: "Waɗanne sunayen sinadarin ɗanɗano kika sani?" A rubuta na farko daban, sauran daban. Bayan haka ne ake nuna ledar kayan a tambayi ko an san ta. In aka fara da nunawa, an riga an saka wa mai amsa suna a baki, tambayar tunawa ta lalace.

A ƙasar Hausa akwai wata matsala ta daban. Jama'a kan kira kowane dunƙulen ɗanɗano magi, kowane garin sabulu omo. Wadda ta ce "magi" ba lalle kayan kamfanin Nestlé take nufi ba, don haka sai mai tambaya ya bi da cewa, "Wane iri, mai wace leda?"

Misali

A ɗauka wani ƙaramin kamfani ya tambayi mata 400 masu girki a birnin Kano. Mata 60 sun fara ambaton sunan kayansa, kashi 15 cikin ɗari ke nan. Jimillar waɗanda suka tuna shi da kansu 160 ne, kashi 40. Da aka nuna leda, 300 suka ce sun san ta, kashi 75.

Wannan alƙalami na ƙarshe shi ya fi rudarwa, domin kara takan sa mutum ya ce ya sani don kada ya ba baƙo kunya. Maganinsa shi ne a cusa sunan ƙarya cikin jerin sunayen da ake nunawa, wanda babu shi a kasuwa. In mata 48 suka ce sun san shi, wato kashi 12, an gane cewa akwai kumbura a cikin kashi 75 ɗin nan.

Tambayar ra'ayi kuwa, kamar ɗanɗano ko dacewar farashi, ana yin ta ga waɗanda suka san kayan kawai, a kan ma'auni mai hawa biyar irin wanda Rensis Likert ya fito da shi a 1932. Dole a raba amsar waɗanda suka taɓa girki da shi da ta masu jin labari, tunda na biyun tallar rediyo suke maimaitawa.

Karanta sakamako

Duk alƙalamin da aka samo daga wani ɓangare na jama'a yana da ratar kuskure. A matakin tabbaci na kashi 95, ana lissafa ta haka:

1.96 × √(p(1 − p) / n)

A nan p shi ne kason da aka samu, n kuma yawan masu amsa. In p ya zama 0.40, n kuma 400, ratar ta kusa maki 5, wato ainihin kason yana iya faɗawa tsakanin 35 da 45. In an ware mata 100 na unguwa ɗaya, ratar takan kai kusan maki 10.

A ɗauka an sake binciken da wasu mata 400 bayan wata shida ana talla, aka samu kashi 44. Ƙarin maki 4 bai isa hujja ba, domin ratar bambanci tsakanin bincike biyu masu wannan girma ta kusa maki 7.

Lissafin nan ya dogara ne a kan cewa an zaɓi masu amsa ba tare da son rai ba. Wanda ya tsaya a Kasuwar Singa, 'yan sari zai samu, masu sanin kowane suna saboda sana'a. Matan aure da yawa a gida ake samunsu, kuma mace ce za ta iya shiga ta tambaye su. Ƙara yawan mutane ba ya gyara irin wannan karkata.

Kammalawa

Gajeren bincike yana iya nuna hawan da suna yake kai, da babban sauyi tsakanin lokaci biyu, muddin ba a canza tambayoyi, jerinsu, ko hanyar zaɓen masu amsa ba. Ba ya nuna cewa sani ya koma ciniki. Wannan sai an gwama shi da lissafin kayan da suka fita daga kantuna.