Ƙasashen da Agogonsu Ke da Rarar Rabin Awa ko Minti 45

Yawancin jama'armu sun saba da bambancin lokaci tsakaninmu da Saudiyya, domin duk wanda ya taɓa sallamar maniyyaci ya san cewa agogon Makka yana gaban namu da awa biyu cif. Idan ƙarfe uku da kwata ce a nan, to biyar da kwata ce a can. Awa ce kaɗai take sauyawa, minti yana nan yadda yake. Amma akwai ƙasashen da wannan lissafi ba ya aiki a kansu. Mafi shahara a cikinsu ita ce Indiya, inda mutanenmu da dama suke zuwa jinya da karatu. Agogon Indiya yana gaban na Nijeriya da awa huɗu da rabi, na maƙwabciyarta Nefal kuwa da awa huɗu da minti 45.

Asalin al'amarin yana ga juyawar duniya. Masana taswira sun raba kewayen duniya zuwa digiri 360, tana kuma kammala juyi ɗaya cikin awa 24. Ke nan kowane digiri 15 daidai yake da awa ɗaya, kowane digiri guda kuma minti huɗu. A taron da aka yi a birnin Washinton a 1884 aka amince a fara ƙirga digirin daga Girinwic da ke Landan, kuma lokacin can ne ake rubutawa GMT. Sai dai babu wata dokar da ta tilasta wa ƙasa ta ɗauki cikakkiyar awa. Kowace gwamnati ita take yanke lokacin ƙasarta, kuma abin da ta fi dubawa shi ne kada sha biyun rana a agogo ta yi nisa da tsayuwar rana a tsakiyar sama.

Indiya ƙasa ce mai faɗi ƙwarai. Daga yammacinta a wajen digiri 68 zuwa gabashinta a wajen digiri 97 akwai tazarar da ta kusa awa biyu a fitowar rana. Tsakiyar wannan faɗi ya faɗo ne a digiri 82 da rabi, kusa da garin Mirzafur a jihar Uttar Firadesh, wato daidai tsakanin layin awa biyar da na awa shida. Da an ɗauki biyar, da mutanen gabas sun ga gari ya waye tun agogo yana nuna dare. Da an ɗauki shida, da na yamma ne za su fita aiki cikin duhu. Sai aka raba gardama aka tsaya a biyar da rabi. An fara aiki da wannan lokaci a 1906, zamanin mulkin Ingila, ko da yake Kalkata ta riƙe nata agogon har 1948, Bambai kuma har 1955.

Nefal ta bi lokacin Indiya shekaru masu yawa, sai a 1986 ta ƙara minti 15. Ta ɗora lissafinta a kan digiri 86 da kwata, layin da ya ratsa kusa da dutsen Gaurishankar a gabashin babban birninta Katmandu, wanda ya ba da awa biyar da minti 45. A ganinmu, kwata ɗayan nan ba ta sauya komai a rayuwar manomi, amma ta bai wa ƙasar agogon da ba na babbar maƙwabciyarta ba. Iran, Afganistan, Siri Lanka da Myanma su ma suna da rarar rabin awa.

Mu kanmu mun taɓa zama a wannan sahu. Daga farkon 1914 zuwa Satumba na 1919 agogon Nijeriya rabin awa kawai yake gaban GMT, kafin a mayar da shi awa ɗaya. Dalilin rabin a fili yake, domin layin digiri bakwai da rabi ya bi ta tsakiyar ƙasar nan, dab da inda Kaduna da Abuja suke a yau.

Yanzu ga inda matsalar take. A ɗauka wani magidanci ya kai mahaifinsa asibiti a Delhi, likita kuma ya ce zai yi magana da sauran iyali ta waya ran Juma'a da ƙarfe 10:15 na safe agogon can. Ƙarfe nawa ke nan a gida?

Kuskure na farko shi ne a duba waya a ga an rubuta GMT+5:30, sai a cire awa biyar da rabi. Wannan adadi nisan Indiya ne daga Girinwic, alhali mu ma muna gaban Girinwic da awa ɗaya. Abin da za a cire awa huɗu da rabi ne. Haka yake ga mutanen Nijar, Kamaru da Chadi. 'Yan'uwanmu na Gana kuwa za su cire biyar da rabin, saboda agogonsu daidai yake da GMT.

Kuskure na biyu ya fi yawa a ofisoshi, inda akan ɗauko na'urar lissafi a buga 10.15 a cire 4.30. Amsar da za ta fito ita ce 5.85, kuma babu agogon da yake da minti 85. Na'urar tana ƙirga ɗari-ɗari ne, awa kuwa minti 60 ce. Abin da ya sa wannan kuskure yake daɗewa ba a gane shi ba, wani lokaci yakan ba da amsa daidai: 10.45 a cire 4.30 ya ba da 6.15, kuma haka ne. Sai ranar da mintin sama ya gaza na ƙasa lissafin yake rushewa.

Hanyar da muke ba da shawara a bi ita ce a cire awa biyar cikakku, sannan a mayar da rabin awa. Daga 10:15 a cire biyar, saura 5:15. A ƙara minti 30, ya zama 5:45 na asuba. Idan daga nan ake lissafa can, sai a juya: a ƙara awa biyar, a rage rabin awa. Ga Nefal ma awa biyar ɗin ce, amma kwata ake mayarwa ko a rage.

Akwai alama mai sauƙi ta gane ko an yi daidai. Dogon hannun agogonmu da na Indiya kullum suna fuskantar juna ne: idan namu yana kan 12, nasu yana kan 6, idan nasu yana kan 3, namu yana kan 9. Duk lissafin da ya fito da minti iri ɗaya a ɓangarorin biyu, an manta da rabin.

Saura batun kwanan wata, wanda ya fi shafar jami'ai masu aika takardu da ɗalibai masu cike fom na makarantun can. Ƙarfe 7:30 na dare a Nijeriya ita ce sha biyun dare a Indiya, a Nefal kuwa tun 7:15 ranar ta juya. Idan aka ce za a rufe karɓar takardu da ƙarewar ranar Alhamis agogon Indiya, wanda ya aika nasa da ƙarfe takwas bayan sallar isha'i ya makara, domin a can 12:30 ce ta daren da ya shiga Juma'a. Saboda haka duk mai rubuta sanarwa ko wasiƙar da ta ƙunshi irin wannan wa'adi, ya rubuta lokutan biyu, kowanne da ranarsa da sunan ƙasarsa a gefe.