Amanar banki wajen mallakar fili ga baƙi a Meksiko

Amanar banki, wadda ake kira fidekomiso a Meksiko, tsari ne da ke ba wanda ba ɗan ƙasa ba damar sayen gida ko fili a yankunan da kundin tsarin mulki ya hana shi mallaka kai tsaye. Ana rubuta takardar mallaka da sunan wani bankin ƙasar, shi kuwa baƙon ya riƙe dukkan amfanin kadarar. Ta wannan hanya ce akasarin baƙi ke riƙe da gidajensu na bakin teku a garuruwan shaƙatawa irin su Kankun.

Tushen hanin yana cikin sashe na 27 na kundin tsarin mulkin 1917. Sashen ya haramta wa baƙo mallakar ƙasa ko ruwa kai tsaye a cikin kilomita 100 daga kan iyaka, da kuma kilomita 50 daga gaɓar teku. Meksiko ƙasa ce mai doguwar gaɓa ta gabas da yamma, saboda haka yankin da aka ƙayyade yana da faɗi ƙwarai, har kusan duk zirin Baha Kaliforniya ya faɗa ciki. A wajen wannan yanki, kamar a babban birnin ƙasar, baƙo na iya saye da sunansa, muddin ya amince a gaban Ma'aikatar Harkokin Waje cewa za a ɗauke shi tamkar ɗan ƙasa a kan abin da ya shafi kadarar, kuma ba zai nemi kariyar gwamnatinsa ba. In ya saɓa, kadarar ta koma hannun ƙasa. Wannan sharaɗi ya samo asali ne daga ra'ayin masanin shari'a ɗan Ajantina, Carlos Calvo.

Duk wanda ya san tarihin ƙasar ba zai ga tsananin dokar ba. Baƙin da aka ba filaye a Teksas su ne suka ɓalle da yankin a 1836, sannan yaƙin da aka yi da Amurka daga 1846 zuwa 1848 ya raba Meksiko da kusan rabin ƙasarta. Waɗanda suka rubuta kundin sun ga yadda sayen fili ke zama ƙofar rasa iko.

Da harkar yawon buɗe ido ta bunƙasa, gwamnati ta so kuɗin baƙi, amma ba ta son taɓa sashe na 27. A 1971 Shugaba Luis Echeverría ya ba bankuna izinin riƙe filayen gaɓa da na kan iyaka a matsayin amana, da wa'adin shekara 30. Dokar zuba jarin waje ta 1993 ta ƙara wa'adin zuwa shekara 50, kuma ana iya sabunta shi. A 2013 majalisar wakilai ta amince da gyaran da zai bar baƙi su mallaki gidan zama kai tsaye, sai dai gyaran bai wuce majalisar dattawa ba.

A ɗauka wata 'yar Kanada ce ta daidaita da mai gida a Kankun. Za ta zaɓi bankin da ke da izinin riƙon amana, bankin ya nemi izini daga Ma'aikatar Harkokin Waje a kan wannan gida takamaimai. Daga nan sai a je gaban notariyo, wato lauyan da gwamnatin jiha ta naɗa domin tabbatar da irin wannan ciniki. Shi zai bincika ko akwai jingina ko bashin haraji a kan gidan, ya rubuta takardar da mai sayarwa ke miƙa mallaka ga banki tare da ambaton matar a matsayin mai cin amfani, sannan ya shigar da ita a rajistar kadarori ta jiha. Bayan haka tana iya zama a gidan, ta gyara shi, ta ba da shi haya, ta jinginar ko ta sayar, kuma kuɗin nata ne. Banki ba ya motsi sai da umarninta a rubuce, gidan kuma ba ya cikin dukiyar bankin da masu binsa bashi za su iya kamawa. Abin da ke kanta shi ne kuɗin buɗe amana da kuɗin shekara-shekara. Tana kuma iya rubuta sunan wanda zai maye gurbinta in ta rasu, abin da ke sauƙaƙa wa magada zirga-zirgar kotu. Mutane da yawa suna ɗaukar tsarin a matsayin hayar shekara 50, alhali ƙarewar wa'adi ba ta mai da gidan na banki. Abin da ake bukata shi ne a nemi sabuntawa.

Hanya ta biyu ita ce kamfani. Dokar 1993 ta yarda kamfanin da aka yi wa rajista a Meksiko, ko da baƙi ne ke da jarinsa duka, ya mallaki fili kai tsaye a yankin da aka ƙayyade, in dai ba don gidan zama ba ne, kamar otal ko masana'anta ko rumbun ajiya. Wajibi ne a sanar da ma'aikatar cikin kwanakin aiki 60 bayan saye. A nan wasu ke shiga matsala. Su kafa kamfani don gudun kuɗin banki, su sa gidan da suke kwana a ciki da sunansa, sai su tarar sun saɓa sharaɗin, ga kuma ɗawainiyar akanta da rahoton haraji a kai a kai. Ba kowace ƙasa ce ke karɓar rajista kawai a matsayin shaidar zama kamfanin gida ba. A Gana, inda baƙo ba ya wuce hayar shekara 50, dokar filaye ta 2020 tana kallon kamfani a matsayin baƙo idan waɗanda ba 'yan ƙasa ba suka riƙe fiye da kashi 40 cikin 100 na hannun jarinsa.

Mafi muni shi ne aron suna, wato baƙo ya biya kuɗi a rubuta fili da sunan aboki ɗan ƙasa. Dokar Meksiko ta tanadi tarar da za ta iya kai darajar cinikin, kuma ranar da abokin ya juya baya ko ya rasu magadansa suka taso, mai kuɗin ba shi da hujjar da kotu za ta saurara.

Akwai kuma abin da amana ba ta iya gyarawa, shi ne asalin mallakar mai sayarwa. Filaye masu yawa na gaɓa filayen gamayyar manoma ne da ake kira ehido, waɗanda aka raba bayan juyin juya halin Meksiko. Tun gyaran 1992 ana iya mai da wani kaso na irin wannan fili ya zama mallakar mutum ɗaya, amma sai babban taron gamayyar ya amince, an soke rajistarsa a ofishin filayen noma na ƙasa, an shigar da shi rajistar kadarori. Kafin a kammala wannan, ba abin da banki zai riƙe. Alamar hatsari a bayyane take: farashi ƙasa da na makwabta, da mai sayarwa da ke cewa ba sai an je wurin notariyo ba, takardar yarjejeniya tsakaninku ta isa. A Punta Banda, kusa da Ensenada, Amurkawa da dama sun gina gidaje a filayen da suka karɓa haya daga wata gamayya, daga baya kotun ƙoli ta tabbatar cewa filin na wasu masu shi ne daban. A watan Oktoba na 2000 aka fitar da su, cikinsu har da tsofaffin da suka zuba kuɗin ritayarsu a ginin.

Ko a filin da takardunsa suka cika, mita 20 na farko daga inda ruwan teku ke kaiwa in ya cika mallakar gwamnatin tarayya ce. Ba ɗan ƙasa ko baƙo da ke iya sayen wannan ziri, kuma mai gidan da ke kusa sai ya nemi izinin amfani na wani wa'adi, yana biyan kuɗinsa daban.