Buhu hamsin, lissafi biyu

Ɗan kasuwar hatsi a Kazaure ya san buhun da ya fara shiga sito shi ya kamata ya fara fita, tun kafin ƙwari su taɓa shi. Wannan dabarar ajiya ce akawu suka mayar ƙa'idar lissafi, suke kiranta FIFO: kayan da aka fara saya su ake ɗauka an fara sayarwa. Kishiyarta kuwa daga kayan da ke cakuɗewa ta fito, kamar man gyaɗa a tanki, inda ba mai iya ware na jiya da na yau. Sai a haɗa kuɗin duka a raba, a fitar da matsakaicin farashi.

Rubuta kayan sito ɗaya bayan ɗaya tsohon abu ne. Luca Pacioli ya koyar da shi a littafinsa da aka buga a Venis a 1494. Rigimar wane farashi za a sa musu ta yi zafi ne a ƙarni na 20, da harajin riba ya kankama. A 1939 Amurka ta buɗe wa kamfanoni hanya ta uku, wadda na ƙarshen shiga ke fara fita. Ƙa'idar duniya ta IAS 2 ta fito a 1975, gyaran 2003 ya kori waccan ta ukun, manyan kamfanonin Nijeriya kuma suka hau tsarin a 2012. Biyu suka rage.

A ce ɗan kasuwa ya sayi gero buhu 100 a Babura da kaka, kowane naira 30,000, da bazara ya ƙaro 100 daga Roni a 50,000. Ya kashe miliyan 8 ke nan. Ya sayar da 150, saura 50.

A tsarin FIFO, buhunan kaka sun tafi kaf, har da rabin na bazara, don haka ragowar za a rubuta su a 50,000: naira miliyan 2.5. A matsakaicin farashi kowane buhu 40,000 ne, jimillar ta sauko miliyan 2. Buhunan dai hamsin ne, ko mudu bai ɓata ba, amma takardar ta bambanta da naira 500,000, kuma daidai wannan adadi ribar FIFO ta ɗara. Riba ce mai ruɗi, domin sabon kaya da farashin yau zai saye shi. In farashi ya karye, sai abin ya juye.

Inda ake faɗawa rami shi ne a ƙiyasta ragowa da wannan hanya, kuɗin abin da aka sayar da waccan. Gane shi ba wuya: a haɗa biyun, dole su ba da miliyan 8. Idan suka ba da 8.5 ko 7.5, an gauraya.